Ɗaurin Aure Ba Ya Jiran Mai Kyamara: Yadda Ake Tsara Gajeren Fim Ɗin Biki

Duk wanda ya saba zuwa ɗaurin aure a Kano ranar Juma'a ya san yadda abin yake gudu. Liman ya yi sallama, kafin na sahun baya su idar da nafila an matso gaba, wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, an ambaci sadaki, an shafa fatiha. Kana laluben takalminka sai ka ji maroƙi yana shelar an ɗaura. Idan masallacin babba ne, wataƙila aure biyar ne ko shida a jere, naku na uku, kuma babu mai sanar da kai cewa an zo kansa. Bikin da aka yi watanni ana shiri, ainihinsa bai cika kai minti goma ba, kuma ba a maimaita shi domin wani bai kunna kyamara ba.

Wannan ne ya sa masu ɗaukar bidiyon biki da suka san aikinsu ba sa fita gida sai da takarda a hannu. Gajeren fim ɗin da ake yayi yanzu, wanda 'yan sana'ar ke ce wa hailait, minti uku ne zuwa biyar, ana tsamo shi daga hidimar kwana huɗu ko biyar. Dogon faifan da aka saba da shi a da, mai awa biyu ko uku, yana yafe kuskure, domin kome aka ɗauka zubawa ake yi. Gajeren ba ya yafewa. Fim mai minti huɗu daƙiƙa 240 ne, idan kowane hoto zai tsaya kimanin daƙiƙa huɗu a kan allo, hotuna sittin kawai za su shiga. Takardar tsari ita ce ke faɗin waɗanne ne sittin ɗin, a ina za su faru, wa zai tsaya a wurin, da kuma abin da kunne zai ji a lokacin. A ganina wannan na ƙarshen ne ya fi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa.

A ɗauki misalin biki a cikin birni. A ce sa lalle ranar Laraba, kamu ranar Alhamis da yamma, ɗaurin aure bayan sallar Juma'a, dina da daddare, wuni da kai amarya ranar Asabar, buɗar kai ranar Lahadi. Ba kowane gida ke bin wannan jerin ba, wasu na haɗa kamu da sa lalle, wasu ba sa yin dina sai walima, saboda haka aikin farko shi ne zama da masu biki tun saura mako biyu. Ango da amarya su ne suka biya kuɗi, amma ba su ne suka san yadda hidimar za ta tafi ba. Wadda ta sani ita ce gwaggo ko innar da aka damƙa wa ragamar biki, da babbar ƙawar amarya, da babban abokin ango. A wurinsu ake jin wace ce za ta fesa wa amarya turare ranar kamu, wane baffa ne waliyyi, wane ɗaki za a kai amarya a yi mata faɗa, da wace tsohuwa ce ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba.

Idan an samu waɗannan bayanai sai a raba abubuwan gida biyu: wanda za a iya sake yi, da wanda sau ɗaya yake faruwa. Hannun amarya da lalle, akwatunan lefe, jeren ɗaki, ango yana gyara hula, ƙawaye cikin anko, duk waɗannan za a iya cewa a ɗan sake, ko a ɗauke su lokacin da aka samu sarari. Amma sigar ɗaurin aure, da lokacin da labari ya iso cikin gida, da faɗan iyaye, da fitar amarya daga gidansu, da ɗage mayafi ranar buɗar kai, idan sun wuce sun wuce. A takarda ana ja wa waɗannan layi a ƙasa, kuma a gaban kowanne a rubuta sunan wanda zai ɗauka da inda zai tsaya.

A nan ne bikin Hausawa ya bambanta da tsarin da matasa masu kyamara ke kwaikwayo daga finafinan bikin Turawa. Can ango da amarya suna tsaye wuri ɗaya, fuska da fuska, kyamara ɗaya ta ishe su. Mu kuwa a lokacin da ake ɗaura aure amarya ba ta wurin. Maza suna masallaci ko ƙofar gida, mata suna ciki suna jira. Abu ɗaya ne yake faruwa a wuri biyu a lokaci guda, kuma rabin da ya fi taɓa zuciya yana can inda namiji baƙo ba ya shiga. Waya ta yi ƙara, wata ta ɗaga ta ce an ɗaura, guɗa ta tashi, amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, uwa ta miƙe ta shige ɗaki don kada a ga idonta. Duk wannan ba ya wuce daƙiƙa ashirin. Mai tsarin da ya san abin da yake yi zai ajiye mace mai kyamara a cikin gida tun kafin a tafi masallaci, ya kuma sa wani yaronsa ya kira ta da zarar an fara sigar aurensu, domin ta kunna ta jira. Ƙungiyar da ba ta da mace ko ɗaya, gaskiya rabin biki take ɗauka, kome tsadar kayan aikinta.

A can masallacin kuma matsalar ta sauti ce. Waliyyi da wakili ba sa ɗaga murya, sau da yawa dattawa ne, suna zaune gwiwa da gwiwa da liman, jama'a sun yi musu zobe. Makirufon da ke jikin kyamara, daga nisan taku biyar, hayaniya kawai zai kwaso. Hanya biyu ce. Ko dai a nemi izinin ladan ko mai kula da lasifikar masallaci tun da safe a jona ƙaramar rikoda a jikin na'urarsu, ko kuma a maƙala ɗan ƙaramin makirufo a wuyan rigar wakilin ango tun daga gida, kimanin taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, rikodar tana cikin aljihunsa tana aiki. Ta biyun ta fi tabbas, domin wakili yana kusa da waliyyi da liman, muryoyin ukun duk za su shiga. Abin lura ɗaya shi ne sabuwar shadda mai sitaci. Idan makirufon ya shige ƙarƙashin babbar riga, duk motsin da mutum ya yi wajen gyara ta a kafaɗa zai fito da ƙara ya rufe maganar. A maƙala shi a waje, a bakin wuyan 'yar ciki, inda tufa ba ta gogarsa.

Abin da ake so daga wurin bai da yawa: jimlar nema, jimlar bayarwa, karɓa, amsawar jama'a da "amin", da shelar maroƙi. Sai hotuna na kusa da za a ɗora a kai, tafukan hannu a ɗage, goro da alewa suna zagayawa, musabahar ango da abokansa. Ambaton adadin sadaki kuwa sai an tambayi masu biki tukuna, wasu gidajen ba sa so ya fita a fim ɗin da zai yi yawo a wayoyi.

Akwai wata magana da ya kamata a yanke tun a zaman farko. Idan liman ya karanta ayoyi a huɗubar aure, ko an yi addu'a, gidaje da yawa ba za su yarda a shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashi ba, kuma suna da hujjarsu. Editan da ya saba zuba waƙa ɗaya daga farkon fim har ƙarshe zai iya jawo rigimar da za ta sa a hana fim ɗin fita gaba ɗaya. Mafita mai sauƙi ce: a tsara cewa wannan ɓangaren zai tafi da sautinsa na asali, kiɗa ya ɗauke kafin a shiga, ya dawo bayan shelar maroƙi. Hakan ma ya fi kyau a kunne, domin shirun yana ƙara wa wurin kwarjini.

Yanzu hira da 'yan uwa, wadda ita ce ƙashin bayan fim ɗin idan an yi ta daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tare mutum a tsakiyar dina, kiɗa na tashi, a miƙa masa makirufo a ce ya yi wa ango da amarya fatan alheri. Mutum ashirin za su ba ka amsa ɗaya: Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuri'a ɗayyiba. Addu'a ce mai kyau, amma sau ɗaya ake buƙatarta a fim mai minti huɗu. Abin da ake nema shi ne labarin da mutum ɗaya ne kaɗai zai iya bayarwa.

Kuma sai an san wa za a tambaya. Wanda bai san gidan Hausawa ba zai nufi uwar amarya kai tsaye, ya dawo hannu rabbana. Uwa tana da alkunya, musamman idan amaryar 'yar fari ce, ko sunanta ba za ta kama ba, balle ta zauna gaban kyamara ta yabe ta. Uba ma haka, zai ce a je wurin ƙaninsa. Bakin da yake buɗewa shi ne na kaka, domin tsakaninta da jika wasa ne. Kakar ango za ta ce mijinta ne aka ƙwace mata, amaryar kuma kishiyarta ce, ta shirya. Wannan daƙiƙa goma na tsokana ya fi jawabin minti biyar amfani. Bayan kaka sai gwaggo ko innar da ta yi goyon amarya, sai taubashi wanda shi ma yana da lasisin tsiya, sai babbar ƙawa da babban aboki waɗanda suka san yadda aka haɗu. Mutum huɗu ko biyar sun isa, kowanne a zauna da shi minti biyar zuwa bakwai, a san cewa abin da zai shiga fim daga bakinsa bai wuce jimla biyu ba.

Yadda ake tambayar shi ne sirrin. Maimakon a ce "Hajiya, me za ki ce game da amarya?", mai ɗauka, bayan ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, sai ta ce: "Gwaggo, ance a hannunki ta tashi. Ranar da aka fara kawo miki ita, me kika tuna?" Ko ta ce wa kaka: "Hajiya Kaka, wai ranar da wannan mijin naki ya zo ya ce miki ya samo mata, me kika ce masa?" Tambayar da ta nufi rana ɗaya da wuri ɗaya ita ke jawo labari. Da yake za a cire muryar mai tambaya a wajen haɗawa, sai a roƙi mai amsa ya fara da cikakkiyar jimla, ya ce "ranar da aka kawo min ita" maimakon ya ce "ai ranar". Idan ya gama kada a yi saurin cewa madalla. A yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku ana kallonsa. Edita na buƙatar wannan sararin don ya yanka, kuma sau da yawa a cikin shirun ne tsohuwa ke ƙara wata kalma da ta fi duk abin da ta faɗa, ko ta goge ido da gefen mayafi.

Wurin hirar shi ma a rubuta shi a takarda. Ɗaki ake so mai taga, nesa da inda aka ajiye janareto, a zaunar da mutum hasken tagar yana dukan gefen fuskarsa, kada tagar ta kasance a bayansa ya koma baƙi ƙirin. A kashe fanka na ɗan lokaci ko da ana zafi, domin kunnen mutum yana mantawa da ƙararta amma makirufo ba ya mantawa. Idan tsohuwa a kan tabarma take zaune, a sauke kyamara daidai idonta, kada a ɗauke ta daga sama. Mace ce za ta maƙala wa mata makirufo, kuma a roƙi mai awarwaro da yawa ta ɗan rage motsa hannu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne safiyar Alhamis kafin kamu, ko safiyar Asabar kafin gida ya cika. Kafin a tashi daga ɗakin a ɗauki shirunsa na daƙiƙa talatin, kowa ya yi tsit. Da wannan ake cike giɓin da yankan magana ke bari, don kada a ji sauti yana yankewa yana dawowa.

Sai sautukan da ba magana ba ne, waɗanda su ke sa wanda ya halarci biki ya ji ya koma wurin. Guɗa ce ta farko, kuma ita ta fi wuyar kamawa. Tana zuwa ba sallama, tana da kaifi, idan an saita rikoda daidai da muryar mai magana a hankali, guɗar za ta fashe ta zama ƙara mai tsaga kunne da ba ta gyaruwa. Ƙa'idar da masu sauti ke bi ita ce a bar magana tana kaiwa wajen -12 dB a ma'aunin rikoda, domin a samu sarari kafin 0, inda sauti ke fashewa. Ga guɗa sai a ƙara ragewa. Dabarar da ta fi ita ce a nemi gwanar guɗar gidan, kowane dangi suna da tasu, a ja ta gefe a roƙe ta ta rangaɗa sau biyu ko uku daga nisan taku uku. Da wannan tsabtatacciyar guɗar za a tallafa wa ta asali idan ta lalace.

Haka kiɗan ƙwarya ko kalangu ranar wuni. A ɗauki aƙalla minti ɗaya cur ba yankewa, ko da hoton ba shi da kyau, domin edita zai iya shimfiɗa shi a ƙarƙashin wasu hotunan. Mai kyamarar da yake kunnawa yana kashewa duk daƙiƙa biyar zai dawo da kiɗa gutsi-gutsi da ba ya haɗuwa. A dina kuwa kada a dogara da abin da ke fitowa daga lasifika, a jona rikoda a miksar mai kiɗa, a kuma sa abin sauraro a kunne a tabbatar. Wanda bai saurara ba a wurin, a gaban kwamfuta zai gane cewa wayar ta zare tun farkon jawabin babban aboki. Idan rikoda da kyamara daban suke, tafi ɗaya a gaban kyamara kafin a fara ya isa alamar da za a daidaita baki da murya daga baya.

Daren kai amarya yana da nasa sautukan: faɗan baffa ko gwaggo, shessheƙar amarya, rufe ƙofar mota, hon ɗin jerin gwano, addu'ar da ake sa ta karanta a bakin ƙofa, sannan cinikin sayen baki tsakanin ƙawaye da abokan ango, wanda yawanci shi ne wurin dariyar fim ɗin. Faɗan iyaye kuwa magana ce ta cikin gida. A nemi izini kafin a shiga, kuma idan an ce rikoda kaɗai za ta shiga ban da kyamara, a karɓa da godiya. Muryar dattijo tana cewa ki yi haƙuri, a kan hoton ƙafafun amarya masu lalle suna fita daga zaure, ta fi a nuna fuskarsa.

Ta fuskar hoto abu ɗaya kawai zan taɓa, domin yana ɓata finafinai da yawa. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, yawancin wayoyi da wasu kyamarori kuwa suna zuwa a saite kan hoto 30 ko 60 a daƙiƙa. A zauren biki mai fitilu masu araha sai ka ga layuka suna yawo a hoton ko haske yana ƙyaftawa. A mayar da kyamara kan 25, shata a 1/50. Inda ake so a rage gudun hoto, kamar shigowar amarya, a ɗauka a 50 da shata 1/100, idan an mayar da shi 25 zai tafi da rabin gudunsa. Amma a zaɓi wuraren tun a takarda, domin duk hoton da aka rage wa gudu ya rabu da sautinsa, ba za a ga baki yana tafiya da murya ba.

Idan aka tattara duk wannan, fim ɗin misalinmu zai iya tafiya haka. Daƙiƙa ashirin na farko babu kiɗa, muryar gwaggo ce tana ba da labarin ranar da aka kawo mata yarinyar, hoto yana kan hannu ana zana lalle. Kiɗan ƙwarya ya shigo a hankali, kamu ya ɗauki kimanin daƙiƙa arba'in, da tsokanar kaka a tsakiya. Kiɗa ya ɗauke, a shiga masallaci na daƙiƙa arba'in da biyar, daga nema zuwa shelar maroƙi, kuma kafin muryarsa ta sauka a yanka zuwa cikin gida, guɗa ta karɓa. Wannan yankan, daga bakin maroƙi zuwa guɗa, shi ne ƙololuwar fim ɗin, kuma ba zai yiwu ba sai an tsara mutum biyu a wuri biyu tun ranar Laraba. Dina da wuni su samu minti ɗaya, nan ne waƙa ke da hurumi. Saura kusan minti ɗaya da kwata na kai amarya ne da buɗar kai, faɗa a farko, sayen baki ya sassauta, a rufe da addu'a guda ɗaya daga bakin wanda ya fi kowa girma a dangi.

Dina ita ta fi cin kuɗi da ado, shi ya sa masu biki kan so a ba ta rabin fim. Ina ganin kuskure ne, domin dinar kowa kusan iri ɗaya ce, zaure ɗaya, fitilu ɗaya, mai gabatarwa ɗaya. Akwai kuma batun liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira dubu hamsin ko duka biyun, kuma a 2024 an ga hukumar EFCC ta gurfanar da fitattun mutane bisa bidiyon da ya bazu a intanet. Saboda haka a takardar tsari a ware fili a rubuta abin da zai fita duniya da abin da zai tsaya a gida. Gidaje da yawa yanzu kwafi biyu suke karɓa, cikakke na dangi, da wani gajere mai tsaye daidai allon waya na Instagram da WhatsApp, wanda aka cire liƙi, da adadin sadaki, da fuskar duk matar da ta ce ba ta so. Idan za a yi na wayar, mai kyamara ya sani tun kafin ɗauka, ya riƙa barin mutane a tsakiyar hoto, domin gefe da gefen za a yanke.

Kowane dare idan an tashi, a kwafe katin kyamara da na rikoda zuwa wuri biyu daban kafin a goge kome, a kuma saurari sigar ɗaurin aure tun ranar Juma'ar. Idan ta lalace, ranar Asabar waliyyi da wakili suna gari, akwai kuma 'yan uwan da suka ɗauka da waya daga sahun gaba, ana iya roƙonsu su turo a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse shi. Bayan mako biyu baƙi sun watse, wayoyi sun cika an goge. Ranar miƙa aiki kuma, ban da fim ɗin, a ba iyali cikakkun hirarrakin da faɗan iyaye yadda aka ɗauke su, ba yanka, a kan filashi ɗaya da sunan kowa a jikin fayil ɗinsa.